Kanun Tarko: Tambayoyin Ɗaliban Sakandare Kan Karanta Kanun Labarai, da Amsoshinsu

Duk shekara nakan ware darasi guda don mu karanta kanun labarai tare da ɗaliban babbar sakandare. Minti arba'in ba ya isa, kullum ƙararrawa takan kaɗa hannuwa na sama. Shi ya sa na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa na amsa su a nan. Inda na ƙirƙiri kanu don misali, na faɗa. Inda abin ya faru da gaske, na sa shekararsa.

Malam, mene ne kanun tarko? Ai kowane kanu so yake a karanta shi.

Gaskiya ne, babu editan da ke rubuta kanu don a wuce shi. Bambancin yana wurin cika alkawari. Kanu alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu: ga abin da za ka tarar idan ka shiga. Kanu na gari yakan faɗa maka wa ya yi, me ya yi, a ina, har ma idan ba ka da lokacin shiga ka tafi da gaskiyar maganar. "Gobara ta ƙone shaguna goma a kasuwar garin kaza" ya ba ka labarin. Idan ka shiga, ƙarin bayani kake nema.

Kanun tarko kuwa yana yin ɗaya daga abu biyu. Ko ya ɓoye ainihin labarin da gangan don dole sai ka danna, kamar "Ku kalli abin da ya faru a wannan kasuwa, sai kun zubar da hawaye". Ko kuma ya kumbura ƙaramin abu ya mai da shi babba, kamar a ce "Kasuwa ta ƙone ƙurmus" alhali shaguna goma ne cikin dubu. Kamfanin Facebook da kansa, lokacin da ya sanar a 2016 cewa zai rage yaɗuwar irin wannan kanu, da waɗannan alamomi biyu ya bayyana shi: ɓoye bayani da zuzuta magana. Na kira shi tarko ne domin yadda mai kamun kifi ke sa tana a bakin ƙugiya. Tanar ta gaske ce, ba don ciyar da kifin aka sa ta ba.

To me mai rubuta shi yake samu?

Kuɗin talla. Shafin da ka buɗe yana ɗauke da tallace-tallace, kuma ana biyan mai shafin gwargwadon yawan ganin tallar, yawanci ana lissafi a kan kowane gani dubu, ko kuma yawan waɗanda suka danna ta. Da zarar shafin ya buɗe a wayarka an ƙirga ka, ko ka ji daɗin labarin ko ka yi tsaki ka fita. A YouTube, kafin tasha ta fara cin kuɗin talla a dogayen bidiyoyi, sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu. Wanda ke gaggawar cike wannan adadi ya san cewa bidiyo mai kanun mutuwa ko tonon asiri ya fi saurin tara jama'a.

Akwai kuma waɗanda ba talla suke nema ba. Wani yana tara mabiya ne don ya sayar da shafin daga baya. Wani siyasa yake yi. Wani kuma lambar wayarka da bayanan asusun bankinka yake so, shi ne mai kanun "Gwamnati ta fara raba tallafi, cike fom kafin ƙarfe sha biyun dare".

Wani lokaci na san tarko ne, amma sai in ga na danna. Me ya sa?

Domin an bar maka giɓi. Wani masanin halayyar ɗan Adam, George Loewenstein, ya bayyana a 1994 cewa son sani yana tashi ne idan mutum ya lura da rata tsakanin abin da ya sani da abin da yake son sani. Ka tuna yadda kake ji idan abokinka ya ce "ina da wata magana, amma bari kawai". Haka kalmomin "wani fitaccen malami", "wata jaruma", "abin da ya faɗa" suke aiki. Sunan yana hannun marubucin, ya riƙe ne. Maganinsa ƙaramar tambaya ce kafin yatsa ya sauka: me aka ƙi faɗa mini a nan, kuma me zai hana a faɗa?

Me ya sa ka ce mu yi hattara da kanun da ya fara da "Innalillahi"?

Wannan shi ne ya fi ƙona mini rai, kuma namu ne, a Hausa aka ƙera shi. Bahaushe idan ya ji "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un" an haɗa da sunan mutum da hotonsa, abu guda ne ke zuwa zuciyarsa: rasuwa. Masu kanun tarko sun san haka. Sai su rubuta kalmar da manyan baƙaƙe, su sa hoton wani sananne, a gefe su manna hoton makara ko taron jana'izar wani daban. Idan ka kalli bidiyon minti takwas, a ƙarshe sai ka ji ashe motarsa ce ta lalace a hanya, ko wani ɗan uwansa na nesa ne ba shi da lafiya.

Ku lura da dabarar. Babu inda ya rubuta "ya rasu". Idan aka tuhume shi zai ce ai istirja'i ana yin sa a kan kowace musiba. Ya bar ka ne ka yi wa kanka ƙaryar. Kuma yawancin waɗanda suka ga kanun ba za su buɗe ba, za su rubuta "Allah Ya jiƙansa" su tura gaba. Kafin la'asar 'yan uwan mutumin suna ta amsa kiran ta'aziyyar wanda ke zaune da ransa.

Sanarwar rasuwa ta gaskiya tana da kamanni da kuka sani tun daga gida. Takan faɗi sunan mamacin cikakke, ta ce ya rasu a fili, ta faɗi yaushe da kuma a ina, wa ya tabbatar daga iyalinsa, da lokaci da wurin jana'iza. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai istirja'i da hoto, to kada ka yi ta'aziyya tukuna.

Irin wannan aiki ake sa sauran kalmomin ihu: "Tirƙashi", "Wata sabuwa", "Asiri ya tonu", "Subhanallah", "Yanzu-yanzu". Ku gwada rufe su da yatsa ku karanta abin da ya rage. Sau da yawa za ku ga babu labari a ƙarƙashi.

Idan babu ihu a kanun fa? Zai iya yaudara?

Sosai ma, kuma wannan ya fi wuyar ganewa, domin yaudarar tana cikin ƙananan kalmomin da ido ke tsallakewa.

Ɗauki "an". "An kama malamai da satar jarrabawa." Wa ya kama? Malamai nawa, a wace jiha? "An" yana ɓoye mai aikin, kuma jam'in da babu adadi yana sa mutum biyu su zama kamar rabin malaman ƙasa. Ba kowane "an" ne laifi ba, kanu gajere ne. Amma dole layin farko na labarin ya cike gurbin. Idan ka karanta har ƙarshe "an" ɗin bai zama sunan kowa ba, kuma majiyar ita ce "wata majiya" ko "rahotanni na cewa", ka riƙe abin a matsayin jita-jita.

Sai kuma sauya lokacin aiki. A cikin labari kwamishina ya ce gwamnati "tana duba yiwuwar" ƙara kuɗin makaranta, a kanu sai ya koma "Gwamnati ta ƙara kuɗin makaranta". Tsakanin "tana duba yiwuwa", "za ta" da "ta" akwai tafiya mai nisa, kuma da yawa daga abubuwan da ake dubawa ba sa taɓa faruwa.

Wanda na fi so ku iya kamawa shi ne yanke sharaɗi. Ga misalin da na ƙirƙira. Shugaban wata makaranta ya ce: "Idan iyaye ba su taimaka an gyara rufin nan ba, za mu rufe ajujuwa uku da damina." Kanun sai ya fito: "Za mu rufe ajujuwa — Shugaban makaranta". Kowace kalma daga bakinsa ta fito, amma an sare "idan", kuma maganar gaba ɗaya a kan "idan" ɗin take tsaye. Duk lokacin da kuka ga magana mai zafi an ja layi an sa sunan mutum, ku nemi cikakkiyar jimlar, da wadda ta gabace ta.

Akwai kuma kanu mai alamar tambaya: "Shin za a soke NECO?" Da marubucin yana da hujja da ya faɗa kai tsaye. Tambayar hanya ce ta jefa zargi ba tare da ɗaukar nauyinsa ba.

A nuna mana yadda ake bincike daga farko har ƙarshe.

To mu ɗauki abin da ya shafe ku. A ce saura mako biyu ku fara jarrabawa, da dare sai wani ya turo hoton kanu a zauren WhatsApp na ajinku: "Da ɗumi-ɗumi: WAEC ta ɗage jarrabawa har sai abin da hali ya yi." Babu adireshin shafi, hoton fuskar waya ne kawai, a samansa kuma akwai kibiya biyu da rubutun "Forwarded many times".

Abu na farko, ka tsaya ka lura da zuciyarka. Ka ji daɗi, domin ba ka gama bitar lissafi ba. Labarin da kake fatan ya zama gaskiya shi ne ya fi saurin shige ka, don haka shi ya fi bukatar bincike.

Na biyu, nemi kwanan wata. A hoton babu, an yanke shi. "Da ɗumi-ɗumi" ba kwanan wata ba ne, rubutu ne da ba ya hucewa ko bayan shekara biyar. Alamar kibiya biyun kuma tana nuna saƙon ya bi ta hannaye da yawa, wanda ya turo maka bai san mafarinsa ba.

Na uku, kwafi kalmomin kanun ka nema a Google, ka duba kwanan watan sakamakon da ya fito. A nan za ka tarar da abin mamaki: labarin gaskiya ne. A watan Maris na 2020 WAEC ta ɗage jarrabawar da aka shirya farawa a Afrilu saboda annobar korona, kuma a Najeriya ba a fara ta ba sai 17 ga Agusta na wannan shekarar. Ke nan babu kalmar ƙarya ko ɗaya a hoton. Tsohon labari ne aka ɗebo aka cire masa shekara.

Na huɗu, je wurin mai abin. Jarrabawar da ɗalibai sama da miliyan ɗaya ke rubutawa a Najeriya ba za a ɗage ta a ɓoye ba. Hukumar za ta sanar a shafinta, za ka ji a labaran rediyo na safe, kuma shugaban makarantarku zai samu takarda. Ga JAMB adireshin shi ne jamb.gov.ng, ga NECO kuma neco.gov.ng. Hukumomin gwamnatin Najeriya yawanci adireshinsu yana ƙarewa da .gov.ng. Ka karanta adireshi harafi bayan harafi, domin masu damfara sukan sa sunan hukuma a farko su ƙare da wani abu daban.

Idan babban labari ne amma shafi ɗaya tak da ba ka taɓa jin sunansa ba ke ɗauke da shi, shirun sauran ma amsa ce. Duk wannan bai fi minti uku ba. Wanda bai yi ba, ya ajiye littafi ya kwanta.

Iyakar wannan hanya ita ce labarin da ya faru yanzu da gaske, wanda manyan kafafe ba su kai ga tabbatarwa ba. A nan bincike ba zai ba ka i ko a'a ba. Abin yi shi ne jira na awa ɗaya ko biyu, ka ci gaba da karatunka, kada ka tura.

Amma Malam, ai gani ya kori ji. Idan akwai hoto fa?

Hoto yana nuna cewa wani abu ya faru a wani wuri, wata rana. Rubutun da ke ƙarƙashinsa ne ke cewa a nan ne, yau ne, kuma rubutun kowa na iya sauya shi. Hoton ambaliyar wata ƙasa yakan dawo duk damina da sunan wani gari namu.

Ka adana hoton, ka buɗe Google Lens ko shafin TinEye ka ɗora shi. Za su nuna maka wasu wuraren da ya taɓa fitowa. Idan ka gan shi a shafin da aka wallafa shekara huɗu da suka wuce, magana ta ƙare. Ko babu data ma ido na aiki: dubi lambar mota, harshen da ke allunan shaguna, kakin 'yan sanda, tufafin mutane. An ce jiya ne cikin hunturu, amma ga ciyawa kore shar da kududdufai? Idan binciken bai samo komai ba, hakan bai tabbatar da hoton ba, yana iya zama sabo, ko an juya shi, ko na'ura ce ta ƙirƙire shi.

A bidiyo kuma, hoton da ke fuskarsa kafin ka danna mai tashar ne ke zaɓarsa, kuma yana iya sa abin da babu shi sam a cikin bidiyon.

Lambobi fa? Ai su ba sa ƙarya.

"Satar waya ta ƙaru da kashi 100 a makarantar kaza." Misali ne nawa. Idan bara waya 2 aka sace, bana 4, lissafin daidai ne, amma a makaranta mai ɗalibai 1,500 wannan ba annoba ba ce. Duk inda ka ga kashi cikin ɗari, tambayi: daga nawa zuwa nawa, kuma cikin mutum nawa?

Manyan gidajen jarida ma suna yin haka?

Sukan zame, kuma kada girman suna ya hana ku auna kanunsu da cikin labarin. A gidajen jarida da yawa ba wakilin da ya rubuta labarin ne ke sa masa kanu ba, edita ne, kuma shi ma ana duba masa yawan masu dannawa. Amma a ra'ayina kuskure ne babba ɗalibi ya fita daga wannan darasi yana cewa duk ɗaya ne, kowa maƙaryaci ne. Gidan da ke da adireshi, da sunan edita, da sunan wakili a kan labari, wanda ke fitowa ya yi gyara idan ya yi kuskure, ana iya kama shi da laifinsa. Shafin da ba a san mai shi ba idan asirinsa ya tonu share rubutun yake yi ya sauya suna. Akwai kuma ƙungiyoyin da aikinsu ke nan, bin diddigin labarai, irin su Dubawa da Africa Check da FactCheckHub. Idan wani labari ya karaɗe gari, ku duba ko sun riga sun bincika.

Ai abin da na yi asara data ce kawai. Ina illar?

A watan Yuli na 2014 cutar Ebola ta shigo Legas. A farkon Agusta, cikin dare ɗaya, saƙo ya zagaye ƙasar ta waya da kafafen sada zumunta cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, wai rigakafi ne. Ku tambayi iyayenku, da yawa an tashe su da asuba da wannan kira, kuma masoyansu ne suka kira su. Ma'aikatar lafiya ta ƙaryata, amma an riga an sha. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, wasu da dama kuma aka kwantar da su a asibiti. Gishiri mai yawa haɗari ne, musamman ga mai hawan jini. Ita kanta cutar a Legas da Fatakwal ta tsaya, mutum 20 ta kama, 8 suka rasu. Jita-jitar kuwa ta shiga garuruwan da cutar ba ta taɓa zuwa ba.

Saƙon gajere ne kamar kanu: ga tsoro, ga gaggawa, ga umarnin a sanar da 'yan uwa, babu sunan likita ko hukuma. Wanda ya saba tura kanu ba tare da ya karanta ba, ranar da irin wannan ya iso hannunsa zai tura. Mu kuma ba baƙin wannan gargaɗi ba ne. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a nemi bayani idan fasiƙi ya zo da labari, don kada a cutar da wasu mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama.

Idan Baba ko Kawu ne ya turo a zauren 'yan uwa, yaya zan yi? Ba zan iya ce masa ƙarya ba ne.

Kada ma ka ce. Bai ƙirƙira ba, shi ma turo masa aka yi, kuma don yana ƙaunarku ya tura. Kada ka gyara shi a gaban jama'a. Ka same shi shi kaɗai, ko ka kira shi, ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka ce: "Kawu, labarin nan da ka turo na je in ƙara karantawa, sai na ga kamar na 2020 ne. Ga inda na gani, ko za ka duba mana?" Ka ba shi hujjar a hannu, ka bar shi ya yi gyaran da bakinsa. Babba idan aka kiyaye masa girmansa yakan karɓa, wani ma daga ranar kai zai riƙa turo wa abu ka duba masa kafin ya yaɗa.

Sai dai idan saƙon na iya cutar da wani a daren nan, kamar maganin da za a sha ko zargin da zai sa a far wa mutum. A nan ba a jira. Ka rubuta a zauren cikin ladabi cewa a dakata tukuna, ka sa hujjarka, sannan ka kira shi.

Na riga na tura, daga baya na gane tarko ne. Me zan yi?

Ka goge, a WhatsApp ka zaɓi "Delete for everyone", wanda ke aiki cikin kimanin kwana biyu da turawa. Amma gogewa kaɗai ba ta isa ba, domin waɗanda suka riga suka karanta suna nan da labarin a kansu. Ka rubuta a duk wurin da ka tura, ba wuri ɗaya ba: "Labarin ɗage jarrabawa da na turo ɗazu tsoho ne, na 2020. Jarrabawa tana nan yadda aka tsara. Wanda ya tura gaba don Allah ya sanar da su." Sannan ka koma ga wanda ya turo maka ka faɗa masa, shi ma ya bi nasa sawun.

Akwai aikin gida?

Akwai. Kowa ya kawo kanu uku da ya ci karo da su a wannan mako, a rubuce a littafi. A ƙarƙashin kowanne ka rubuta abin da kanun ya sa ka zata, sannan abin da ka tarar bayan ka karanta har ƙarshe, sannan ka sake rubuta kanun da kanka cikin kalmomin da ba su wuce goma sha biyu ba, da sunan wanda ya yi, da abin da ya yi, da wurin. Wanda ba shi da waya ya saurari kanun labaran rediyo na safe ya kwatanta su da cikakken rahoton da ke biyo baya.